Hotunan Da Malam Musaddiƙ Ya Ce Ba Su Fito Ba

Na san Malam Musaddiƙ ne a ajin ƙarshen mako a Kazaure, inda mu malaman firamare masu takardar NCE muke zuwa Juma'a da Asabar neman digiri. Ni daga Babura nake zuwa, shi daga Roni. Ya girme ni da fiye da shekara goma, kuma shi ne babba a ajin gaba ɗaya. Dogo ne siriri, ba ya son hayaniya, kullum da ƙaramar jakar fata a hammatarsa. Ko malaman da ke koyar da mu Malam suke ce masa.

Ɗan manomi ne. Shi ne na farko a gidansu da ya wuce sakandare, kuma da ya fara aiki sai ya zama shi ne uban ƙannensa, domin mahaifinsu ya rasu da wuri. Sai da ya ga na ƙarshensu ya kama sana'a sannan ya waiwayi kansa, a lokacin ya haura arba'in. Yaran da ya koya wa tara da ɗebewa wasunsu sun dawo da digiri sun zama shugabannin makaranta, yana gaishe su da girmamawa, su kuma suna jin nauyinsa. Na taɓa tambayarsa ko kujerar hedimasta yake hange. Ya yi dariya ya ce shi a bar shi da ajinsa na biyar. Ya ce abin da ke damunsa kawai shi ne yana faɗa wa yara su yi karatu har ƙarshe, alhali shi a tsakiya ya tsaya.

Ni ne wakilin aji. A farkon kowane zango, malamin kowane kwas yakan ba ni takardar tsarin kwas ɗinsa, kwafi ɗaya tak, shafi biyu ko uku. A ciki akwai batutuwan da za a koyar a jere, da yawan yunit ɗin kwas ɗin, da makon da za a yi tes, da littattafan da za a duba. Ni kuma sai in shimfiɗa su a kan benci in ɗauki hotonsu da waya in tura zaurenmu na WhatsApp. Yawancinmu a nan muke barin su, ba ma sake buɗewa sai jarabawa ta matso.

Ban da Malam Musaddiƙ. Shi zai zauna da hotunan nan, ya samu babbar takarda da rula, ya ja layuka. Makonni a gefen hagu daga sama zuwa ƙasa, kwasa-kwasan a sama. Sai ya ɗauki batutuwan ya zuba kowanne a gidansa. Kwas mai yunit uku ya ba shi zama fiye da mai yunit biyu. Makon tes ya zagaye shi da jan biro, makon da ke gabansa ya sassauta masa kaya. Makonni biyun ƙarshe ba ya sa sabon abu, na bita ne. Idan salla ta faɗo a tsakiya, ya bar makon fayau. Rubutunsa kamar na inji. Idan ya kawo, rububi ake yi a ɗauki hoto, har 'yan wasu sassan suna zuwa tambaya. Shekara uku da rabi da jadawalinsa muka yi karatu.

A zangonmu na ƙarshe kwas bakwai ne. Aikin bincikensa ya riga ya miƙa tun zangon baya. Na ɗauki hotunan kamar yadda na saba na tura. Washegari ya kira ni.

"Ashiru, hotunan nan ba su fito ba. Ko hannunka ya motsa ne?"

Na duba, ban ga aibunsu ba, amma na ce wataƙila wayarsa ce ta rage musu kyau. Na fito da takardun tsakar gida, na danne gefensu da duwatsu, na sake ɗauka a hasken rana na tura masa shi kaɗai. Bayan kwana biyu ya sake kira. Ya ce akwai hazo-hazo a kai, ƙananan rubutun sun cakuɗe. Na goge idon kyamarar da gefen riga na sake ɗauka, wannan karon kowane shafi na raba shi biyu don rubutun ya yi girma. Ya yi godiya, bai sake kira ba. A aji aka fara tambayarsa ina jadawali, yana cewa yana nan tafe.

Abin da ya faru a gida, matarsa Zulaikha ce ta ba ni labari daga baya. Tela ce, ta gama sakandare kafin aurensu, 'ya'yansu huɗu, babbar Sadiyya. Ta ce wata la'asar tana kan keken ɗinki, shi yana zaune a tabarma da rula da takarda, ya daɗe bai ja ko layi ɗaya ba. Sai ya miƙo mata wayar.

"Maman Sadiyya, duba min abin da yaron nan ya turo. Sau uku ke nan. Wai shi bai iya ɗaukar hoto ba ne?"

Ta karɓa. Ta ce rubutu ne tar, ko ɗigon wasali ana gani. Ba ta yi tunanin komai ba ta fara karanta masa, layi na farko, na biyu, na uku. Sai ta ɗago ta gan shi ya zuba mata ido.

"Kina ganinsa haka?"

"Ina gani, Malam."

"Har ƙananan?"

"Har su."

Ya ajiye rular. Ta ce a nan ne abubuwa suka fara dawo mata. Babur ɗin da ya jingine tun bara ya ce tsadar mai ce. Ƙofar da kafaɗarsa take yawan bugewa. Butar da ya yi tuntuɓe da ita a tsakar gida har ya yi wa yara faɗa. Ta tambaye shi tun yaushe. Ya ce ya ɗan jima, amma ya ɗauka gajiya ce, ya sayi tabarau a kasuwa ya ɗan taimaka masa, sannan ya daina. A makaranta ma, ya ce, manyan baƙaƙe yake yi a allo don ya riƙa ganin abin da ya rubuta.

Suka je asibitin ido a Kano. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana cin jijiyar a ɓoye. Na hagu ya kusa tafiya gaba ɗaya. Na dama saura ɗan fili a tsakiya, shi ma ya fara dusashewa. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Aka ba shi maganin ɗigawa don a riƙe abin da ya rage.

Kafin su gama zirga-zirgar asibiti mako uku sun wuce daga cikin sha huɗu. Zulaikha ta kira ni da wayarsa ta ce Malam yana so in zo. Na je Roni ranar Lahadi da hantsi. Na same shi a zaure cikin farar riga, an share wurin, an ajiye min fura. Ya ba ni haƙurin wahalar da ya sa ni. Na yi ta cewa Allah ya ba da lafiya.

"Amin. To ga abin da ya sa na kira ka," in ji shi. "Zan ƙarasa karatun nan. Maman Sadiyya za ta riƙa karanta min. Amma ba na iya karatu babu jadawali, kuma ba zan iya ja da kaina ba. An ce ku yara kuna da abin da ke yi a waya."

Akwai manhajar da ake tura wa hoto ko tambaya ta amsa, ina amfani da ita. Na saka wa Zulaikha a wayar, ta zauna a bakin ƙofar cikin gida, ni ina tsakaninsu. Da farko na kwashe hotunan gaba ɗaya na tura, sai manhajar ta haɗa batutuwan kwas biyu wuri guda, domin shafi na biyu na kowace takarda ba ya ɗauke da sunan kwas. Malam ya ce a bi su ɗaya bayan ɗaya. Muka koma muna tura shafukan kowane kwas a jere, muna sa ta fara rubuto mana abin da ta karanta kafin a je ga jadawali. Zulaikha tana karanta abin da ya fito, ni ina bin takardun asali da na zo da su. A wuri ɗaya malami ya rubuta makon tes da biro, sha ɗaya, manhajar kuma ta ɗauke shi biyu irin na lambar Romawa, ta ce an riga an yi tes ɗin. Muka gyara. A wani shafin inuwar hannuna ta rufe layin ƙarshe, ta tsallake batu ɗaya. Na sake ɗauka.

Sai aka zo wajen lokaci. Da can lokacin Malam kawai ake lissafawa. Yanzu na mutum biyu ne, kuma sai inda suka haɗu. Shi yana makaranta har azahar. Ita tana da girki da yara da ɗinki. Juma'a da Asabar na Kazaure ne. Abin da ya rage shi ne tsakanin la'asar da magariba, da ɗan lokaci bayan asuba, da safiyar Lahadi. Da aka tara, awa goma sha biyu ne a mako.

Sun riga sun gwada karatun a kwanakin. Handawut ɗin, wato takardun darasin da malamai ke rabawa, da Turanci ne mai nauyi, wasu kalmomin sai ta harhaɗa baƙaƙen ya gaya mata yadda ake faɗa. Kuma abin da a da zai kalla sau ɗaya ya riƙe, yanzu sai ya ji sau biyu. Sun gwada sa wayar ta riƙa karanta masa da murya, tana yi a shafin da ya fito sosai, amma yawancin takardun kwafin kwafi ne, sun koɗe, idan ta zo kan lambobi sai ta yi ta shirme. Batu ɗaya yana cin musu kusan awa uku.

Na rubuta duk wannan. Na ce saura mako sha ɗaya, a ware biyu na bita. Amsar ta fito, na karanta a zuci, Zulaikha ma ta leƙo ta karanta. Manhajar ta ce batutuwan da suka rage sun kusa saba'in, a wannan saurin suna buƙatar ninkin lokacin da ake da shi. Ko a ƙara awanni, ko a rage kwasa-kwasan. Ko an cinye makonnin bita ba za su shiga ba.

Zulaikha ta dube ni ta girgiza kai. Ta karɓi wayar ta goge awa ukun ta sa awa ɗaya da rabi. Nan take jadawali ya fito, kowane gida a cike, kwas bakwai reras, har da makonnin bita a ƙasa.

"Ya fito, Malam," ta ce.

"Alhamdu lillahi. Karanto min mako na huɗu."

Ta fara. Yana lanƙwasa yatsu a kan gwiwarsa. Da ta gama ya ce ta karanto na biyar. Bai bari ta kai ƙarshe ba.

"Batu takwas a mako?"

"Wani makon bakwai."

"A awa goma sha biyu. Ranar Alhamis batu nawa muka yi daga la'asar zuwa magariba?"

Ta ajiye wayar a cinyarta.

"Ko ɗaya ba mu gama ba," ya ce a hankali. "Maman Sadiyya, na gode. Amma wannan lallashi ne. Idan muka bi shi, kafin tes na farko muna bayansa da mako biyu, sannan kullum sai in kwana ina jin na gaza. Ashiru, me wayar ta faɗa da farko?"

Na gaya masa. Zulaikha ta ce za ta ajiye ɗinkin gaba ɗaya. Ya ce ko ta ajiye, shi yana aji a lokacin. Ta ce to ya nemi hutu a makaranta. Ya ce 'yan aji biyar ba su da wani malamin lissafi. Na ce zan riƙa ɗaukar masa muryar lacca in turo, Sadiyya ma za ta iya taimakawa. Ya ce muryar lacca zai so, amma Sadiyya tana shirin tata jarabawar, ba zai ci lokacinta ba.

"Nawa ne za su shiga?" ya tambaya.

Muka mayar da awa ukun muka gwada da biyar, bai shiga ba. Muka gwada da huɗu, ya shiga da ƙyar, sai an ƙara awa ɗaya ranar Lahadi.

Shi da kansa ya zaɓi waɗanda za a cire. Ya ce a bar waɗanda kunne zai iya ɗauka. Aka cire na haɗa kayan koyarwa, domin zane ne da yanke-yanke. Aka cire na kwamfuta. Na uku ya ɗan jima kafin ya faɗa, duk da mu ukun mun san wanne ne. Ƙididdiga ce, kwas ɗin da tun shekarar farko yake ɗokinsa, wanda a cikinsa dukanmu muke sa ran shi zai fitar da mu.

"Cire ta," ya ce. "Lambobi ne a jere, sai an gani. Baɗi in Allah ya kai mu, in idon ya ɗan tsaya."

Zulaikha ta tashi ta shiga ciki ta ce za ta duba tukunya. Ta jima ba ta fito ba. Mu kuma muka zauna, yana shafa gefen tabarma da tafin hannu. Can ya ce in tabbatar an sanar da sashe a rubuce cewa ya ajiye ukun, kada a rubuta masa faɗuwa. Na yi hakan a makon.

Da ta dawo, idonta ja, ta kwafe jadawalin a bayan wani babban kwali da baƙin alƙalamin maka, ko zai iya hango manyan lambobin makonnin. Yana gaya mata inda za ta zagaye da ja. Layukanta sun ɗan karkace, ta ce masa sun karkace, ya ce ba komai.

Haka suka yi zangon. Kullum bayan la'asar ta rufe keke ta ɗauko takardu. Ɗinkin salla da yawa ta mayar wa masu shi a shekarar. Wani makon ciwon kai ya kwantar da shi, ta koma wajen manhajar da kanta ta gaya mata inda suka tsaya, aka sake raba abin da ya rage, aka ci rabin makon bita ɗaya. A aji yakan zauna a gaba ya rufe ido yana saurare. Idan malamin ƙididdiga ya shigo, sai ya tashi ya laluba ya fita ya zauna a gindin darbejiya. Wata rana na leƙa ta taga na gan shi ya matso da bencinsa jikin bango inda murya ke fita. Ban gaya wa kowa ba. Mu kuwa a zangon nan babu wanda ya ja mana jadawali. Wasu sun yi da waya, amma ba a yi rububin na kowa ba.

Da jarabawa ta zo, sashe ya amince aka ba shi ɗaki daban da ma'aikaci ɗaya yana karanta masa tambaya yana rubuta abin da ya faɗa. Ya ci duka huɗun. A ɗaya ma shi ne ya fi kowa maki.

Damina na tsakiya idon dama ya ƙara rufewa, duk da maganin da bai taɓa tsallakewa ba. An yi masa aiki don a sauke hawan, ya sauka, amma abin da ya saura bai wuce ya bambance haske da duhu ba. Da aka koma makaranta ya shiga aji ya tsaya gaban allo da alli a hannu, bai ga inda allon ya fara ba. Ya yi ƙoƙarin koyarwa da baki na wasu makonni. Yara suna jin kunyarsa, ba sa hayaniya, amma ba ya iya duba littafinsu, kuma shi ya fara cewa ana cutar su. Aka mayar da shi ofis yana zama. Kafin shekara ta zagayo ya nemi ritaya saboda rashin lafiya.

Da lokacin rajista ya yi na kira shi. Na ce na yi magana da shugaban sashe, ya ce za a duba yadda za a yi masa da kwas ukun nan, ko da tambayar baka ce. Zulaikha ma ta ce a shirye take. Ya saurare ni har na gama.

"Allah ya saka, Ashiru. Amma in na karɓo takardar, wa zan nuna wa? Don in tsaya gaban yaran nan nake so. Yanzu kuwa babu ajin."

Na ce ko don Sadiyya da ƙannenta. Ya ce zai yi tunani. Har aka rufe rajista bai kira ba.

Bayan bikin yaye mu na je Roni. Ashe ya sa an yanka kaza, ya ce walimata ce. Ya rame, gemunsa ya yi fari. Muka ci abinci, ya tambaye ni yadda taron ya kasance, na taƙaita. Sai ya fara tambayar 'yan ajin ɗaya bayan ɗaya, yana bin su yadda lambobinmu na rajista suke a jere, bai kuskure ko ɗaya ba. Wance ta fita? Ta fita. Allah ya sa albarka. Wane fa, ya tsallake ƙididdiga? Da ƙyar. Ya yi murmushi ya ce Allah ya sa albarka. Da ya kai kan Jalaluddeen, wanda lambarsa ke gaban tasa, sai ya tsaya. Ya laluba kofin ruwa ya sha, ya riƙe shi a hannu. Zulaikha da ke tsaye a bakin ƙofa ta juya ta shige. Sannan ya tsallake tasa lambar, ya ambaci sunan wanda ke bayansa, ya ci gaba har ƙarshe.

Da zan tafi ya ce sai ya raka ni. Ya dafa bango muka fito ƙofar gida. Ya ce in gaida mutanen Babura, in kuma riƙa zuwa. Na tayar da babur na ɗan yi gaba, na waiwaya. Yana tsaye yana ɗaga hannu, fuskarsa tana kallon wajen masallaci, ni kuwa ta ɗaya hanyar na bi. Na tsaya na danna hon, ya juyo wajena yana ci gaba da ɗaga hannun.